Ba Ɓata Suka Yi Ba, Fita Suka Yi

Raishatu ɗiyar Malam Dodo ce, mai koyar da karatu a Falanko. A gidansu ba a taka takarda. In aka tsinci guntuwa a ƙasa sai a soke ta a jinka, domin uban ya ce babu wanda ya san inda sunan Allah yake a cikin rubutu. Da wannan tarbiyya ta shiga lakwal, makarantar boko, da ita kuma ta fito daga makarantar koyon buga keken rubutu a Damagaram. Ba mai yawan magana ba ce, ba a kuma taɓa kama ta da ganganci ba. Wajibi ne a faɗi wannan tun farko, domin kuskuren da ta yi ba daga sakaci ya fito ba.

A shekarar 1986 wani proje na kiwo, shirin taimakon makiyaya, ya ɗauke ta aiki a Tanut, cikin ƙasar Damargu. Bayan farin da ya cinye dabbobi, projen ya tura ma'aikata daji su tambayi makiyaya abin da ya rage musu: raƙuma nawa, awaki nawa, nawa ne nasu na kansu, nawa ne na wasu da suke yi wa kiwo, kuma a wace rijiya suke shayarwa. Makiyayi ba ya ƙirga dabbarsa a gaban baƙo. Sun amsa ne kawai saboda Aghali, shugaban wani rukuninsu na wajen Belbeji, ya bi ma'aikatan zango zango yana rantsuwa cewa maganar ba za ta wuce biro, wato ofishinsu, ba.

Aikin Raishatu shi ne shigar da amsoshin a ordinatar, wato kwamfuta, na'ura ɗaya tak da projen ke da ita, wadda ba ta tashi sai an tayar da injin wuta. Abin da aka shigar yana zama a kan disket, faifai masu laushi da ake kullewa a akwatin ƙarfe. Ƙa'ida ita ce kowane gida da lamba ake fitar da shi, ba da suna ba. Sau ɗaya aka saɓa: don a gyara kurakurai, an buga jerin gidajen Belbeji da sunayensu, gida ɗari uku da ashirin, takwas a kowane shafi, shafi arba'in. An ce mata in an gama gyara ta ƙone.

Ta kai su bayan biro da ashana a hannu. Sai idonta ya sauka a kan sunan Abdurrahman a takardar, ƙasa da shi Muhammadu. Ba ta ƙyasta ba. Ta ɗaure shafukan, ta sa a kwali a ɗakin ajiya, da niyyar binne su in ta sami sarari.

Ranar kasuwa, bayan mako uku, ta sayi tsire wurin Ɗan Azumi mahauci. Da ta buɗe ƙunshin a gida sai ta ga takarda mai huji-huji a gefe irin ta na'urarsu, mai ya jiƙe ta, a ƙasanta an buga lamba 17. Ta daɗe tana kallonta. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba. Ta dai lura naman ya huce. Ta koma kasuwa.

"Madam sakatare, ko yaji bai ji ba?" in ji Ɗan Azumi.

"Ina ka samo takardar nan?"

"Baba Idi, mai sharar bironku. Kwana tara ke nan. Ya ce shara ce, ni kuwa na ce sharar proje ta fi ta kowa kauri. Ba ta yoyon mai!"

"Akwai wanda ya karanta?"

Ya yi dariya. "Wa ke karanta ƙunshin tsire? Sai dai Tata direba, ɗan iskan nan mai satifikan lakwal. Shi ya karanta mana na Rissa Buzu. Kin san Rissa, mai tafiya kamar shi ya haifi raƙuman duniya? Ashe talatin ɗin nan duk na wani Alhaji ne. Nasa na kansa sifiri! Yanzu Rissa Sifiri ake ce masa."

Kwana biyu ta yi tana bin masu tsire, masu ƙosai da masu ƙulla sukari. Ta samo shafi goma sha tara a ɗaure yadda ta ɗaure su, ba a kwance ba, da takwas a warwatse a kan tebura. Saura goma sha uku sun tafi da masu saye. Da yake shafukan na da lamba, ta koma na'ura ta fitar da lambobin gidajen da ke kan kowanne.

Mushe Jibo, wato Malam Jibo a bakin 'yan lakwal, direktan projen, likitan dabbobi ne, bai taɓa taɓa ordinatar ba, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ta yana murza goshi.

"Disket ɗin suna nan?"

"Suna nan a kulle. Ba wanda ya taɓa."

"To alhamdu lillahi, ba mu yi asarar komai ba. Jibi kwamiti zai zauna. Rubuta shafi ɗaya, ban da kalmominku na na'ura, yadda mataimakin kwamanda mai mulkin yankin da Aghali za su gane. Ki ce wasu tsofaffin takardu sun ɓata, an samo mafi yawansu."

"Ranka ya daɗe, ba ɓata suka yi ba. Fita suka yi."

"Ɗiyata, ɓata da fita ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kuma dukan al'amarin a kan wannan yake. Abin da ya ɓata, mai shi ne ke rasa shi, in an gano shi magana ta ƙare. Abin da ya fita kuwa yana nan a hannunka, kuma yana hannun wani. Asarar ba taka ba ce, ta wanda ya ba ka amana ce. In aka rubuta ɓata, babu dalilin sanar da kowa. In aka rubuta fita, dole a je a gaya wa mutanen, dole kuma a ce ta hannun wa. Mushe Jibo ya fahimci wannan sarai, shi ya sa ya ƙara da cewa, "Ki bar sunanki a waje. Baba Idi tsoho ne, ba za a yi masa komai ba."

Ta rubuta shafin da Faransanci, ta yi fassararsa da Hausa saboda Aghali. Ranar zaman ta tsaya ta karanta da murya guda, kamar mai karanta jerin kaya.

"Jerin gidajen makiyayan Belbeji, mai ɗauke da sunaye, yawan dabbobi, masu dabbobin da rijiyoyi, ya fita daga biro zuwa kasuwa, ya yi kwana tara kafin mu sani. An umarce ni in ƙone shi, ban ƙone ba. Wanda ya fitar bai iya karatu ba, bai san abin da ke ciki ba. Shafi goma sha tara sun dawo a ɗaure. Takwas sun dawo bayan sun zauna a buɗe: gida sittin da huɗu. Goma sha uku ba su dawo ba: gida ɗari da huɗu. Gida ɗari da sittin da takwas ke nan da ba za mu iya cewa sirrinsu na rufe ba. Na sauran yankuna bai fita ba, na'ura da faifanta ba a taɓa su ba. Mun san mutum ɗaya da aka tozarta. Ba mu san ko wani ɓarawo ya karanta inda garke yake sha ba, kuma babu hanyar da za mu sani."

Mataimakin kwamanda ya katse ta. "To a sake bugawa daga na'urar mana, a cike gurbin."

"Ranka ya daɗe, gurbi bai ragu ba. Ko an sake bugawa, abin da Tata ya karanta yana kansa."

Ta ci gaba da abin da ya kamata a yi: a je wa gidajen ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu, a gaya wa kowa abin da ya fita game da shi, shi kaɗai, ba a taro ba, don mai son sauya rijiya ya sauya, kada a ƙara buga suna tare da adadin dabba, duk takardar gyara a ƙone ta ranar da aka gama, gaban shaidu biyu, bayan mako biyu a sake kawo wa kwamiti bayani.

Mushe Jibo ya ce a hankali, "In muka faɗa musu, ba mai sake amsa mana tambaya a Damargu."

Aghali ya gyara rawaninsa. "Mushe, ni na rantse, ba injinku ba. Kana so in ji a bakin mai tsire?" Ya juya wajen Raishatu. "Yarinya, sunana yana ciki?"

"Shafi na huɗu. Bai dawo ba."

"To ki fara da ni. Mota kuma gobe."

Kwana goma sha ɗaya suka yi a daji, ita da Aghali da direba, ba Tata ba. Gidaje ashirin da wani abu sun riga sun yi gaba da dabbobi, sai saƙo aka bar musu cewa su nemi Aghali. Wasu sun zage ta, wasu sun ba ta nono. Ta faɗi magana ɗaya sau fiye da ɗari har ta daina jin ta a bakinta. Rissa suka tarar a bakin rijiya yana jan guga. Ya saurara bai saki igiya ba.

"Na sani," ya ce. "Na daina shiga Tanut. Ke kika rubuta sifirin?"

"Ni ce."

"Daidai kika rubuta." Ya ci gaba da ja.

A ƙarshen wata projen ya sallame ta, da takardar shaida mai ladabi. Ta tafi Falanko ta ba ubanta labari. Malam Dodo ya ce, "Ai malamai sun halatta ƙonewa don a tsare rubutu daga wulaƙanci. Takewa na hana ku." Ta ce to. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai taɓa zaton za a buƙata ba.

Sauran shekarun aikinta ta yi su ne a wata rumfa kusa da gidan waya na Tanut, tana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. An san ta da ɗabi'a guda da ake yi wa dariya. In ta gama, takan miƙa wa mutum wasiƙarsa, da kwafinta, da baƙar takardar kwafi da aka yi amfani da ita, ko da sabuwa ce. In ya ce me zai yi da wannan, sai ta ɗaga ta a rana, ta nuna masa maganarsa a juye a jiki, ta ajiye masa ashana a kan tebur.