Tayil Takwas na Ɗakin Baba Salmanu

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala a shekarun da ƙasa ta rikice ya san Tahir mai tayil, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn nan mai fensir maƙale a bayan kunne, wanda ba a taɓa ganin ya zauna ya gama shan shayi ba. Kana yi masa magana yana kallon ƙasan ɗakinka, yana auna shi da ido. Wallahi ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya ƙirga layukan daɓe kafin a shafa fatiha.

Ba da wannan sana'a ya taso ba. Ya yi boko, Faransancinsa kamar ruwa, har ya sami tebur a ofishin wani kamfanin sufuri a unguwar Bonapriso. Da tattalin arziki ya karye aka rage ma'aikata, yana cikin na farko da aka sallama. Zaman gida ya gagare shi, sai ya bi magina, ya koyi sa tayil, wanda mutanen Duwala ke ce wa karo. Mahaifinsa, Baba Salmanu, tsohon dillalin goro da idonsa ya mutu, bai taɓa tsawata masa a kan haka ba. Sai dai duk lokacin da baƙo ya tambayi aikin ɗan, tsoho yakan ce, "Yana nan dai." Wannan magana ta fi mari yi wa Tahir ciwo.

A shekarar da aka yi ta rufe gari, wadda ake kira ville morte, ruwan damina ya shiga ɗakin Baba har gwiwa. Raudatu, yayar Tahir mai aikin jinya, ta kwashe tsoho zuwa gidanta a unguwar Makèpè, ta ce ba zai dawo ba sai an ɗaga daɓen an sa tayil. Tahir ya cika ɗakin da ƙasa, ya zuba siminti, sannan ya auna: mita huɗu tsawo, uku da rabi faɗi, murabba'in mita goma sha huɗu ke nan. Tayil ɗin mai santimita talatin ne ta kowane gefe, don haka ɗari da hamsin da shida za su rufe ƙasan. Ya ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, kamar yadda ake yi idan layi zai bi bango, ya zama ɗari da saba'in da biyu. Kwali ɗaya na ɗauke da sha ɗaya, sai ya ce wa Raudatu ta sayi kwali goma sha shida. Ɗari da saba'in da shida ke nan, har da rara. Ta saya a shagon Hamadu, wani Bafulatani ɗan Garwa, farare masu santsi, kuma su ne na ƙarshe a irinsu.

Kafin ya fara aiki sai ya je gaida Baba. Motar haya babu, ya taka da ƙafa, yana kauce wa tayoyin da ake ƙonawa a mararraba. Ya tarar da tsoho tsaye a tsakiyar falo da alwalarsa, yana jan tafin ƙafarsa a ƙasa, hagu, dama, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

"Raudatu!" in ji tsoho. "Zo ki juya ni."

Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta kama kafaɗunsa ta daidaita shi, ta koma. Da ya sallame, bai juyo ba ya ce, "Tahir, kai ne nan? Na ji numfashinka. Yaushe zan koma ɗakina? Na gaji. Sau biyar a rana sai an kama ni an juya kamar buhun goro. A gida ƙafata ke nuna mini gabas."

Nan take abin ya faɗo wa Tahir a rai. Tsagin nan! Tun lokacin da ido ya fara tafiya Baba ya sa ƙusa ya tsaga layi a tsohon daɓe, daga ƙafar gado zuwa wajen taga, daidai alƙibla. Shi yake lalube da yatsun ƙafa ya tsaya salla ba tare da ya kira kowa ba. Kuma Tahir da hannunsa ya binne shi ƙarƙashin sabon siminti, ko tunawa bai yi ba.

"An kusa, Baba," ya ce. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya fita.

Gidajen New Bell ba a gina su da tunanin alƙibla ba, kowa inda fili ya ba shi nan ya kafa bango. Idan layin tayil ya bi bango, ƙafar tsoho za ta bi layin, ya yi ta salla yana fuskantar gidan maƙwabci. Dole layin ya karkace ya bi gabas. Tahir ya aro kamfas wurin Yusufa ladan, ya buga ƙusa biyu, ya ja zare. Da ya ga inda zaren ya bi sai ya dafe kai. Da a ce karkatar ta raba kusurwa biyu daidai, da da sauƙi, domin in ka yanka tayil daga kusurwa zuwa kusurwa duka ɓarin biyu suna da amfani, kashi goma sha biyar na rara ya isa. Wannan kuwa karkata ce ta son ranta, kowane yanka da siffarsa, yawancin guntayen sai dai a zubar. Irin wannan aiki kusan kashi ashirin yake ci.

Bai yarda da lissafin kai ba, ya jera su a bushe, ba siminti. Cikakku ɗari da ashirin da biyu suka zauna a tsakiya. Bakin bango ya bar gurbi sittin da takwas, kowanne na son yanka. Ya yi ta zana su a kwali yana juyawa, ya gano guntaye za su cike goma sha biyu kawai. Ɗari da saba'in da takwas ke nan yake bukata. Uku ya tarar a fashe tun cikin kwali, kuma ya san abin yankansa na hannu, ba zai gama bai fasa wasu ukun ba. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, amsa ɗaya ce, takwas babu.

Haba, a makon nan Tahir bai san zama ba. Daga Litinin zuwa Juma'a ko'ina a garƙame, wanda ya buɗe shago ya san abin da zai biyo baya. Ya shiga ɗakin, ya fita, ya sake jera guntaye, ya tsaya bakin titi yana jin ihun samari daga nesa, ya dawo. Raudatu ta zo ta same shi tsugune cikin zare.

"Kai ka ce sha shida," ta ce. "Da bakinka ka faɗa."

"Na faɗa, Yaya. Lissafin layi miƙaƙƙe na yi."

"To ka sa shi miƙaƙƙe mana! Ka sake tsaga masa layi a kai."

"Tayil ba ya tsaguwa da ƙusa. Kuma ga layuka birjik suna bin bango, ta yaya ƙafarsa za ta gane na gaskiya?"

Ta yi tsaki, amma idonta ya cika da ƙwalla. "Jiya ina asibiti, Baba ya ƙi kiran mijina don kunya. Ya yi la'asar yana fuskantar banɗaki. Da aka gaya masa, ko tuwo bai ci ba. Ka yi abin da za ka yi, Tahir."

Ranar Asabar da aka buɗe gari, shi ne na farko a ƙofar Hamadu, da guntun tayil a hannu. Hamadu ya juya shi ya girgiza kai.

"C'est fini, sun ƙare, ɗan'uwa. Kaya ba sa fitowa daga tashar jirgin ruwa. Ko sun fito ma, launin ba zai zo ɗaya ba."

Tahir ya bi shagunan unguwar Akwa ɗaya bayan ɗaya, ya sha rana ya sha yayyafi, babu. Da yamma ya dawo wurin Hamadu kamar an tsamo shi daga ruwa. Hamadu ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta. Girman ɗaya ne, santimita talatin, sai dai jajaye ne masu kaushi, irin na tsakar gida da ake sawa don kada a zame.

"Munana ne," in ji Hamadu, "kuma masu kauri, za su ba abin yankanka wuya. Ka tura su ƙarƙashin gado, wa zai gani?"

Haka Tahir ya yi niyya, ya sayi guda takwas. Har ya kai su lungun gado, sai ya taka ɗaya da ƙafa ba takalmi, ya ji kaushin ya kama tafinsa. Ya tsaya cak. Ya rufe ido ya ja ƙafar zuwa kan farin, ya dawo da ita kan jan. Ko jariri zai gane bambancin. Nan take ya ɗaga farare takwas daga tsakiyar ɗaki, ya mayar da su na yanka, ya jera jajayen biyu a faɗi, huɗu a tsawo, suna bin zare. Ya rage musu siminti a ƙasa saboda kaurinsu, don kada tsoho ya yi tuntuɓe. Da ya sa yanka na ƙarshe a bayan ƙofa, ko tayil ɗaya bai rage ba.

Raudatu ta leƙo ranar da za a dawo da Baba, ta riƙe haɓa. "Inna lillahi! Mene ne wannan jan faci a tsakiyar ɗaki? Kamar an yi wa farar riga ƙari da buhu."

Tahir na jingine da ƙyaure, fensir na yawo tsakanin yatsunsa.

Tsoho ya cire takalmi ya shiga. Ya ja ƙafa a kan santsin, fuskarsa ta ɓaci, domin bai ji tsaginsa ba. Ya ƙara matsawa, sai yatsunsa suka hau kaushi. Ya bi gefen da babban yatsa har ƙarshe, ya dawo, ya bi faɗin. Raudatu ta miƙa hannu za ta kama kafaɗarsa kamar yadda ta saba.

"Bar ni," ya ce.

Ya gyara tsayuwa shi kaɗai, daidai inda zare ya bi, ya tayar da azahar. Tahir, wanda bai san zama ba, ya sulale ya zauna a bakin ƙofa har aka sallame.

Bayan la'asar Yusufa ladan ya shigo yi wa tsoho barka da dawowa, ya tambaya, kamar bai sani ba, wa ya yi wannan aiki haka a karkace. Baba Salmanu ya shafa jan tayil da tafin hannunsa.

"Ɗana ne, Tahir," ya ce. "Mai sa tayil ne. In kana da ɗaki, ka neme shi."