Layin da Na Bari a Ƙasan Hoto

'Yata ta shekara huɗu tana rubuta littafinta na labaran matan kasuwar Mubi. Da aka buga shi, ta turo mini hoton bangon a waya.

"Dada, ki rubuta sanarwa a ƙasan hoton, ki tura wa mutanenki. Abu huɗu kawai: wuri, lokaci, sa hannu, da inda za a saya. Abokan aikina duk sun tafi hutu, da ke na dogara."

Ni da na koyi biro a ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye na biyar, sai na rubuta yadda na saba ganin katin suna. 'Yan uwa da abokan arziki, ranar Asabar, ƙarfe huɗu, Allah ya ba da ikon zuwa. Na sa sa hannu, na sa shagon. Wuri ne ban sa ba. A wurinmu in mace ta gayyace ki, ai gidanta za ki.

Asabar ɗin na tafi ɗakin taro tun uku, na rufe waya a jaka. Kujeru a jere, littattafai a kan tebur, 'yata riƙe da biro. Huɗu da rabi, mutum uku. Biyar saura, mai gadi ya leƙo ya ce ƙarfe shida masu biki za su karɓi ɗakin. Ba ta yi kuka ba, sai gyara littattafan da ba su karkace ba take yi. Na fita bayan ɗaki ina roƙon Allah kada ya kunyata yarinyar nan, na ciro waya in kira ko mutum ɗaya.

Na tarar da kira goma sha ɗaya. Yayata ce, na kira ta.

"Ke wace irin mai gayya ce? Mun cika gidanki tun daga Maiha da Sorau, har da kwanukan masa, ke kina ina?"

Na buɗe sanarwar. Na sake rubutawa: a ɗakin taro na bayan tasha, daga huɗu zuwa shida, marubuciya za ta sa hannu a littafin duk wanda ya saya, daga Litinin ana samunsa a shagon littattafai na bakin babbar kasuwa. Na tura. Yaya ta ce tsofaffi sun riga sun baje a tabarma, kuma ina Keke Napep ɗin da zai kwashe su kafin shida?

Na koma ciki na tsaya gaban 'yata.

"Ni ce. Ban rubuta wuri ba. Suna gida."

Ta ajiye biro. Sannan ta fara mayar da littattafan cikin kwali.

A tsakar gidana ta sa hannu, a kan turmin da aka kife, har aka kira magariba. Kwali ɗaya ya ƙare. Tana rubuta sunan wata goggonta, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Dada, riƙe mini shafin nan." Na durƙusa na riƙe.