Malafar da ke bayan Safi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton katin shaida a Filinge, tun zamanin mulkin soja na farko, ya san Manzo mai hoto. A wancan lokaci kayan aikinsa ba su wuce kamara ɗaya da kujerar ƙarfe da wani ƙyalle mai zanen jirgin sama ba. Manoman Tondikandia da makiyayan Sanam sukan tsaya gaban ƙyallen ran Lahadi, ranar kasuwa, su ƙame kamar an kira su gaban kwamanda. Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka komo, Manzo yana nan a ɗakinsa na bakin kasuwa. Da fim ya ƙare a duniya sai ya tafi Yamai da furfurarsa, ya koyi gyaran hoto a ordinatar, wato kwamfuta, wajen wani tsohon abokin sana'a.

Yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Ba ya miƙa hoton da ya taɓa wa wani abu sai ya haɗa da 'yar takarda, ya rubuta abin da ya cire da abin da ya ƙara. Cewa yake yi fuskar mutum amana ce, ko ƙurji ya share dole mai ƙurjin ya sani.

Daura da ɗakinsa, a tsallaken hanya, akwai rumfar Safi mai kayan miya, taubashiyarsa, ɗiyar kawunsa. Tun suna yara ba su taɓa gaisuwar arziki ba. Ita takan kira shi Ɓarawon Fuska, shi kuma ya tambaye ta ko yau ma ƙasa ta zuba a cikin yajin. Da wannan suke buɗe kasuwa kowace safiya.

Mijinta Ɗangoma ne ya kafa rumfar. Bayan rasuwarsa malafarsa ta zauna a rataye jikin zana, bayan inda Safi take zama, ba wanda yake taɓa ta. Wata damina iska da ruwa suka kwashe rumfar, malafar ta tafi tare da zanar. Ɗanta Kailu, direba a Yamai, ya gina mata shago na bulo, aka shafe shi da shuɗin fenti. Abin da ya rage na tsohuwar rumfa shi ne hoto ɗaya a wayar Kailu: Safi zaune tsakanin kwanonin daddawa da kuka, malafar bisa kafaɗarta ta dama. Duk zuwansa gida sai ta ce ya nuna mata, ta daɗe tana kallo.

Kailu ya so ya yi wa uwarsa bazata da allon shago. Ya turo wa Manzo wannan hoton, domin a cikinsa ne take murmushi, ya ce a cire zanar da ke bayanta a sa sabon bango. Manzo ya tambaye shi malafar fa, Kailu ya ce a cire duka, allo na talla ne. Aka yi aiki, aka bugo shi a kan leda a Yamai. Kafin allon ya iso sai aka sace wayar Kailu a tasha.

Ranar da aka ɗaura allon, Manzo ya kai wa Safi takardarta kamar yadda ya saba. Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta ga kanta tsaf gaban shuɗin bango, babu komai bisa kafaɗarta. Ta riga ta ji labarin wayar. A saninta, abin da aka kankare daga hoto ya kankaru ke nan. Ta karɓi takardar, ta cusa ta ƙarƙashin kwanon barkono.

Washegari Manzo ya jefa mata maganar ƙasa a cikin yaji. Sai ta gyara lulluɓi, ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, Malam Manzo. An tashi lahiya?"

Manzo ya sha zagi a rayuwarsa, har marin soja ya taɓa sha, amma ba abin da ya taɓa shiga jikinsa kamar wannan ladabi. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta juya wajen mai sayen gishiri. Haka aka yi ta yi har kasuwa ta ci ta sake ci. Ya rage cin abinci, matarsa ta fara zancen asibiti.

Kubura, tsohuwar ungozomar asibiti, ita ta tsinci takardar ranar da ta zo sayen barkono. Safi ba ta yi lakkwal ba, ba ta iya karatu ba, ta ce mata takardar banza ce. Kubura ta sa tabarau ta karanta a fili, tana kaɗe garin barkono tana atishawa:

"Zuwa ga Safi. Ga abin da na yi wa hotonki. Na fara adana shi yadda Kailu ya turo, na yi aiki a kan kwafinsa. Na ɗauki hoton sabon bangonki da hantsi, domin haske ya faɗo daga hagu kamar yadda ya faɗo miki a tsohon. Na shimfiɗa bangon a ƙasa, hotonki a bisa. Na bi gefen jikinki da na kwanoni, na rufe duk abin da ke bayanki har bangon ya bayyana. Bakin kallabinki ya ba ni wahala, zare zare na bi shi. Na zana inuwarki a bango, in ba haka ba sai ki zama kamar an manna ki. Ban taɓa fuskarki ba. Zanar da malafar marigayi rufe su na yi, ban goge su ba. Suna nan, duk ranar da kika so ki zo ki gani."

Safi ta sa ta maimaita layin ƙarshe. Daga nan ta bar wa Kubura shagon, ta tsallaka hanya ba ko takalmi.

Manzo yana ganinta ya miƙe. Ya jawo mata kujerar ƙarfen, ya buɗe aikin a ordinatar, ya danna wuri guda. Shuɗin bango ya kau, zana ta dawo, malafar tana rataye da tsinkakkiyar igiyarta. Ya sake dannawa bangon ya rufe, ya kuma buɗewa. Safi ta kai yatsa jikin gilashin, ta bar masa tabon daddawa a kai.

Ya ce zai wanke mata tsohon hoton babba, ta ajiye a ɗaki. Ta yarda, amma ta ce ba shi ke nan ba. Ɗangoma bai ga sabon shago ba, tana so malafarsa ta shiga. Manzo ya ɗauki linzamin na'urar, ya buɗe daidai wurin malafar kaɗai, a hankali, har ta fito a kan shuɗin bango. Ya zana mata ƙusa, ya sa mata 'yar inuwa ta gefen dama. Safi tana tsaye a kansa tana gyara masa, wai ya ci bakin malafar.

Aka sake bugo allon, shi ne yake ɗaure a shagon har yau. Baƙi sukan ɗauka ana sayar da malafa a ciki. Safiyar da aka ɗaura shi, Manzo yana kici-kicin buɗe kwaɗon ƙofarsa, ya jiyo murya daga tsallaken hanya.

"Ɓarawon Fuska! To mi ya hana ka rage mini tamojin goshi, tun da hannunka ya iya sata?"

"Wanga aiki ya fi ƙarfin inji," in ji Manzo. "Sai dai magini."

A ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.