Maganar da Mai Gyaran Keke Bai Faɗa Ba

A ofishin jaridarsu, Mai Jan Biro ake ce masa, don ko takardar gayyata ka miƙa masa sai ya gyara maka ita. Ya yi furfura a kan shafi ɗaya, shafin da ake ba da tarihin talakawa: masu wanki, direbobi, masu gadi. Alfaharinsa shi ne bai taɓa buƙatar rikoda ba. Yakan ajiye ta a gaban mutum ne kawai don doka ta ce a ajiye, ya yi ta kartar takarda, ya dawo ya zuba labari kamar ruwa.

Wannan makon wani tsoho ya samu, mai gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago bayan kasuwa. Labarin ya yi daɗi. A taron safe ya karanta wa kowa jimlar da ya ja wa layi: "Na tsufa a kan keken mutane, 'ya'yana ko leƙo ni ba sa yi." Edita, wadda shi ya koya mata aiki tana sabuwa, ta ce wannan ne kanun shafi.

"Sai dai, Malam, ka sa min mintin rikoda a gefen kowace magana, yadda kowa ke yi yanzu."

Ya yi tsaki a ciki, ya koma teburinsa ya toshe kunnuwa da abin saurare, ya kunna rikodar. Aikin ba wuya, ƙosawa ce: ka saurara, ka tsayar, ka duba abin da ka sa a bakin mutum, ka rubuta mintin. Tari da "ka gane" ana iya sharewa, amma ba a ƙara wa mutum kalmar da bai furta ba. Maganar farko ta fito daidai, ta biyu ma haka. Ya fara murmushi.

Jimlar kanun ce ta ƙi fitowa. Ya koma baya, ya yi gaba, can ya same ta. Ga ta nan ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya ɓace, amma muryarsa ce. Shi ne ya ce, "Wato Baba, ka tsufa a kan keken mutane, 'ya'yanka ko leƙo ka ba sa yi?" Tsohon ya ja numfashi ya ce, "To, ai ita babbar..." sai Mai Jan Biro ya ji kansa ya katse shi da labarin wani mai gadi da ya taɓa rubutawa. A takarda kuwa ya juya tambayarsa ta zama amsa.

Ya ƙara murya. A ƙarƙashin surutunsa akwai ƙarar kwano, da wata mace tana cewa, "Baba, ka sha maganin kafin ka ci." Ya tuna an shigo an fita a lokacin, shi ko kai bai ɗaga ba. Kunya ta rufe shi. Saura kaɗan ya sa dukan gari su yi tir da matar da ke kawo wa ubanta abinci, kuma da bakin uban nata.

Ya daɗe a ƙofar edita kafin ya shiga.

"A cire kanun nan."

"Bai faɗa ba ne?"

"An dai faɗa. Ni na faɗa."

Ta dube shi, ta mai da ido kan takardunta, don ita ma kunyar ta kama ta. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi shafin zai jira shi zuwa yamma.

Ya koma shagon, ya tarar da tsohon yana ɗiga wa wani keke mai. 'Yar na zaune a kan benci tana goge masa tabarau. Ta miƙe da sauri ta ba shi wurin, ta kawo ruwa.

"Sannu da zuwa, Malam. Wallahi tun ranar Baba ke gaya wa kowa zai fito a jarida. Ƙannena duk sun ce in saya musu. Allah ya saka da alheri."

Ya riƙe kofin, ya kasa kai shi baki. Ya ajiye rikoda a kan tebur tsakanin kwalbar mai da sukurori, ya ce akwai abin da bai ji da kyau ba rannan, a taimaka a sake.

Tsohon ya goge hannu da tsumma yana dariya.

"Ai babu komai, ɗana. Ni ma na so in ba ka labarin yarinyar nan, ita ke riƙe da ni tun rasuwar uwarsu. Sai na ga hirarka ta yi daɗi, ban so in katse ka ba."