Dabinon Wani a Kwarin Mahaifina

Na yi tarayyar kasuwanci da Larabawa a Sabha, na yi da Yarbawa a Kwatano, na yi da wani mutumin Abeshe wanda ko yarenmu bai haɗu ba sai da Larabci. Da kowannensu lafiya muka rabu. Wanda ya kwance mini zani a kasuwa ƙanin matata ne, a nan Gure.

Da na ajiye tuƙin babbar mota na dawo gida, na tarar da gonar mahaifina a kwari ta zama kufai. Kwarin yana kudu da gari, tsakanin tuddan rairayi, ruwa kusa, ƙasa baƙa. Gwiwoyina ba sa son durƙuso, shi kuwa ƙanin matata yana da ƙarfi, ba shi da fili. Muka zauna gaban yayarsa muka ƙulla magana.

Jarin injin ban ruwa da tiyo da shinge, ni na zuba kashi uku, shi ya sayar da akuyoyinsa ya zuba ɗaya. Aikin duka nasa ne. In an sayar da albasa, a fara cire kuɗin esansi, wato man inji, da iri da taki da na motar kasuwa. Abin da ya rage a raba biyu: rabi na aiki, nasa ne shi kaɗai, rabi na jari, uku nawa, ɗaya nasa. Wato a cikin takwas yana ɗaukar biyar, ina ɗaukar uku. In an faɗi, asara ta bi jari, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. A bakin kogin Nilu na ga ana ware wa ƙasa kasonta, a ware wa inji nasa, mai aiki ya tashi da ragowa. Ni ban sa wa gonar ko dala ba, don ɗakin yayarsa nake kwana.

Shekarar farko albasa ta yi kyau. Ta biyu tsutsa ta cinye rabi, kasuwa ta karye, da ƙyar aka fitar da kuɗin esansi. Ya zo zaurena ya zauna bai ko cire takalmi ba.

"Yaya, injinka yana nan, gonarka tana nan. Ni ranina ina yake?"

Na ce, "Haka muka yi da kai. Bara da ka kwashi biyar ban ji ka yi kuka ba."

"Bara na ci gumina ne. Bana wa ya ci shi?"

"Tsutsa. Je ka tambaye ta."

Ya ce a yanka masa albashin wata, a sa cikin kuɗin da ake cirewa kafin rabo. Na ce na yarda, amma sai ya saki rabin aiki, don ba a zama lebura a kuma zama mai kaso kan gumi ɗaya. Ya kaɗe rigarsa ya fita.

A wannan ranin ne na fara ganin wasu tsirrai a jere ta gefen da rairayi ke gangarowa, kowanne an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Na tambaya, ya ce dashen dabino ne, don su tare iska. Na ce madalla. A Libiya ma'aikaci yakan dasa dabino ɗari a gonar maigida, ya tafi bai ɗauki ko ganye ba. Kuɗin esansi ya riƙa hawa, ya ce tsada ce daga bakin iyakar ƙasa. Duk rabo ana cirewa daga sama, ina ɗaukar uku cikin takwas na nauyinsa.

A shekara ta biyar na je kasuwar Gidigir sayen rago. Wani dillali da ya san mu ya riƙe hannuna yana dariya.

"Alhaji, ashe ƙaninka ya zama mai dukiya. Ya ce in nemo masa wanda zai sayi amfanin dabinonsa tun yana kan uwa."

"Dabinon wa?"

"Nasa mana. Na cikin gonarka."

Ban sayi ragon ba. Na wuce kwari kai tsaye, na same shi a kan tsani yana ɗaure wa wata macen dabino furen namiji. Sun kusa talatin, kuma mata ya zaɓo, ban da namiji ɗaya ko biyu. Mai neman tare iska ba ya tsayawa zaɓen mace.

Na ce, "Sauko."

"Bari in gama, Yaya, fure ba ya jira."

"Da esansin wa ka shayar da su?"

"Da namu."

"To ai namu ne. A sa su cikin rabo."

Ya sauko yana goge hannu. "Albasa muka haɗa. Wanda ya dasa itace shi ke da shi, ka tambayi kowa a kwarin nan. Ko ka daɗe a ƙasashen mutane har ka manta?"

"Rabin riba nake ba ka don lokacinka. Lokacin da ka ɓata a kansu na tarayya ne."

"Rabin riba ka ba ni don albasa, kuma albasa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba. Ba ka sayi yinina duka ba. Shekarar da na tashi hannu wofi ka ce in tambayi tsutsa. To na tambaye ta, ga abin da ta ce."

Muka je gaban bulama, mai garin kwarin. Na yi bayani da Hausa, shi ya yi da Barbarci yana zaton zai fi shiga kunnen tsohon, na amsa masa da Barbarcin da ya fi nasa. Bulama ya saurara, ya yi mini tambaya ɗaya.

"Alhaji, ka gan su suna ƙanana?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Ce mini ya yi shingen tare iska ne."

"Ka hana?"

"Ban hana ba."

Ya ce a al'adarsu ƙasa ta mai ƙasa ce, dabino na wanda ya dasa ne muddin mai ƙasa ya gani ya yi shiru, kuma ba a sare itacen da ya fara haihuwa. Amma esansin tarayya ba na mutum ɗaya ba ne. Aka kira manoma biyu suka ƙiyasta abin da dashen ya sha, aka ce ya mayar mini da uku cikin takwas na kuɗin.

Na ce to tarayya ta mutu yau, injin zan ɗauka. Bulama ya ce daidai ne, sai dai kashi ɗaya cikin huɗu na injin da tiyo nasa ne, a yi musu kuɗi a biya shi. Da aka cire wannan daga wancan, ni ne na sa hannu a aljihu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Yaya," mutane suna sunkuyar da kai don kada in ga dariyarsu.

Na ɗora injin a amalanke ina cewa a raina rani zai rama mini. Rani ya zo ya wuce, ko ganye ɗaya bai bushe ba. Saiwarsu ta riga ta kai ruwa. Ya san shekarun da dashe ke bukatar inji, kuma sai da suka cika ya buɗe baki a kasuwa.

Matata ba ta zuwa gidansa sai suna ko rasuwa, ni ko wannan ba na yi. Na nemi wani ya noma mini gonar, ya yi rani ɗaya ya gudu, don mai dabino yana shiga da safe yana fita da yamma yana gyara masa aiki. Na sa ta a kasuwa, duk wanda ya zo ya ga itacen wani a ciki sai ya ce zai yi shawara. Mutum ɗaya ne ya taya, shi mai dabinon, ta bakin dillalin nan na Gidigir, kuma tayin wulaƙanci. Na ce a gaya masa gonar mahaifina ba ta sayarwa ba ce. Ya aiko cewa ba ya sauri, shi ya fi ni ƙuruciya.