Ƙararrawar da Ta Buga Bayan Lisha

Ni mutum ne mai nauyin barci, kuma duk ƙauyen da na koyar a wajen Gagarawa sun san haka. Cewa ake yi ko ganga aka buga a kaina sai dai in gyara kwanciya. Mu biyu aka turo makarantar a farkon zamanin UPE, shirin ilmin firamare kyauta, ni da wani abokina da muka taso tare, ɗakinmu ɗaya a gidan wata tsohuwa da muke kira Inna.

Yayana ma'aikacin jinya ne a Gumel, shi ya samo mini magani daga wurin wani likita. Ya ce barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar awa ɗaya da rabi. Mutum zai fara sama-sama, ya nutse can ƙasa, sannan ya taso wajen mafarki. In ƙararrawa ta same ka a ƙarshen zagaye, garau za ka tashi. Nutsewa mafi zurfi kuwa tana farkon dare. Sai ka ƙirga baya daga lokacin da kake son tashi, zagaye biyar, ka ƙara minti goma sha biyar na kafin barci ya ɗauke ka. Ya ce ba kullum yake cika daidai ba, amma in gwada.

Na sayi agogon tebur, irin wanda ake wanawa da hannu, a kasuwar Maigatari, na gwada, ya karɓe ni. Don murna na zaunar da abokina na koya masa komai, har ina yi masa alfahari cewa ni kam, minti arba'in da kwanciyata, ko ɗaukata aka yi ba zan sani ba.

Sai aka ce za a ɗauki malami ɗaya daga yankinmu ya je ƙaro ilmi Kano, za a yi ganawa a Gumel da ƙarfe tara. Mu biyu muka nema. Motar da ke zuwa Gumel ɗaya ce, ƙarfe biyar na asuba take tashi. Na sa allurar ƙararrawa a kan huɗu da rabi, na wana ta har ta cije, na kwanta tara saura kwata.

Hasken gari ne ya tashe ni. Shimfiɗar abokina babu kowa. Na duba agogo, allura tana inda na bar ta, wanin ƙararrawar kuwa ya saki sarai, alamar ta buga har ta gaji. Na ari keke na yi ta fama da rairayi, ban isa Gumel ba sai da aka tashi daga ganawar. Abokina aka ɗauka.

A tasha na tare shi, raina a ɓace. Ya kama hannuna a gaban mutane ya ce, "Wallahi tallahi ƙararrawar nan ta buga har ta ƙare. Na taɓa ka, na kira sunanka, ko motsi ba ka yi ba."

Wa zai yi musu da wanda ya rantse? Kowa ya san halina. Ni kaina na yarda, har na ba shi haƙuri, na raka shi mota ranar tafiyarsa, ni na ɗaukar masa akwati. Agogon na jefa shi ƙarƙashin gado, na ce wa yayana lissafinsa shirme ne.

Sai bayan kamar wata guda Inna ta ga ina makara, ta ce, "Malam, ina agogon naka mai ihu? Ko ka yar da shi tun daren da ya haukace?"

Na ce wane dare, Inna?

Ta ce, "Daren tafiyarku Gumel mana. Bayan lisha, ina ɓarar gyaɗa ban ko kwanta ba, na ji ya ɗauki kururuwa. Na leƙa, abokin nan naka yana riƙe da shi, ya ce gwada shi yake yi. Da asuba kuwa ban ji komai ba."

Na zauna a bakin ƙofa. Ashe abokina ya jira na nutse a zagayen farko, ya juya allura ta buga, ya ɗan taɓa ni, ya kira sunana, sannan ya mayar da ita huɗu da rabi bai sake wana ta ba. Duk don ya samu abin rantsuwa. Rasa Kano ya yi mini ciwo, amma bai kai wannan ba. Ni da bakina na nuna masa inda zai same ni.

Shekaru suka wuce, ya dawo a matsayin mai duba makarantu, ya same ni a Sule Tankarkar ina nan da allina. Ya rungume ni, yana ta dariya, ya juya wurin hedimasta ya ce, "Wannan malamina ne. Har yau da lissafinsa nake kwanciya, ban taɓa makara ba."