Tauraro Ɗaya na Mai Labule

Yayana, wanda duk layinmu ke kira Mai Labule, tun yana saurayi yake ɗinkin labule. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: kekunan ɗinki biyu, dogon teburin yanka, da fankar da ke ƙara fiye da iskar da take bayarwa. Ko barci yake, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Idan ka shigo, kafin ka zauna ya tambaye ka, "Faɗin tagar nawa?" Sai ya ninka a ransa, don labule ba ya kyau sai da tattara. In kuwa aka samu kuskure, da ƙafarsa yake zuwa gidan mutum ya ba da haƙuri.

Ni, ƙanwarsa, na matsa masa muka sa kayan a wata kasuwar intanet. Ni ke riƙe da wayar. Ciniki ya fara tafiya, sai wata safiya na ga an ba mu tauraro ɗaya cikin biyar. Mai sayen, wanda ya sa wa kansa suna Tsuntsu, ya rubuta: "Tagata mita biyu, na sayi labule mai mita biyu. Ya miƙe kamar zanin shanya, gefe a buɗe. Yaudara ce."

Da na karanta masa, Yaya ya tsayar da keke.

"Yaudara? Wa ya faɗa?"

"Tsuntsu."

"Ɗan gidan wa?"

Na ce ban sani ba. Ya ɗauko hularsa, wai in ba shi kwatance. Na yi masa bayani cewa kasuwar ce ke karɓar kaya ta kai, ba ta ba mu adireshi. Ya ce to a goge. Na ce ba mu da ikon gogewa, amsa kawai za mu iya rubutawa a ƙasa, kuma kowa zai gani.

"Wato ya zage ni a bainar jama'a, in ba shi haƙuri a bainar jama'a, kuma ban san fuskarsa ba?"

Ya zauna da hula a hannu. Wallahi ya ba ni tausayi. Kalmar nan ta yaudara ita ta tsaya masa a rai, ko abincin rana bai taɓa ba.

Ni kam raina a ɓace yake. Na rubuta, "Da ka tambaya kafin ka saya," zan tura, Yaya ya ce in karanta masa bayanin da muka sa a ƙarƙashin hoton. Na karanta: faɗi mita biyu, tsawo mita biyu da rabi.

"Ina inda aka ce a ninka?"

"Ai kowa ya sani."

"Ni na sani. Wa ya tambaye shi faɗin tagarsa?"

Babu wanda ya tambaye shi, don shafin waya ba ya tambaya. Muka zauna haɗa amsa. Yaya ya so a fara da gaisuwar iyali da ta gajiya, na hana. Ya so a sa rantsuwa, na hana. Ya tsaya kan Malam za a ce ko Malama, muka bar duka biyun. Ga abin da muka tura:

"Mun ga ƙorafinku, kuma kuna da gaskiya, a yi haƙuri. Mita biyun da muka rubuta faɗin yadin ne a shimfiɗe. Tagar mita biyu tana son kusan mita huɗu don ya tattaru, kuma ba mu faɗa ba. Laifinmu ne, mun gyara bayanin yau. Ku turo lambar odarku ta saƙon kasuwar, mu aiko falle na biyu kyauta, ko ku maido a mayar muku da kuɗinku."

A ranar ya ɗinka fallen, daga bandirin da ya yanko na farko don kada launi ya bambanta. Ya goge, ya ninke, ya ajiye a kan tebur. Kullum da safe sai ya ce, "Ya yi magana?" Har maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya koma tsokanarsa, wai ya watsa tsaba a ƙofar shago ko Tsuntsu ya sauko.

Da saƙon ya zo, lambar oda ce tsura, ko sallama babu. Muka aika da fallen. Bayan wani lokaci na ga tauraron ya koma uku, an ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Sun gyara." Tsohon rubutun yana nan a sama yadda yake.

Na kai wa Yaya da murna. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Har yanzu yaudarar tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Amma ai uku ne yanzu."

"Uku." Ya juya wayar kamar akwai sauran magana a bayanta. "To ke da kika san abin nan, faɗa min. Ya yafe ne, ko bai yafe ba?"

Ya miƙo min wayar, ya koma kan keke, amma ya daɗe bai taka ba.